An gama aiki kan lokaci, amma kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

"Malam, barka da aiki. Ni ce na jagoranci wani furoje na ruwan sha a wani ƙauye na jihar Maraɗi: fwaraj, shato, pano da famfuna. Mun miƙa aiki kafin wa'adi, kuɗi ma har sun yi saura. Bayan shekara guda mai bincike ya zo ya rubuta cewa furojen bai cimma burinsa ba. Ta yaya aikin da aka gama kan lokaci, ba a wuce kasafi ba, za a ce ya faɗi? Ko dai neman laifi ne irin na masu bincike?"

Barka kadai, Malama. Kafin ki yi fushi da mai binciken, ki je ƙarƙashin shaton nan ki buɗe akwatin kwantar, ki karanta lambar da ke jiki. Ki cire lambar ranar da aka buɗe ruwa, abin da ya rage ki ninka shi sau 1,000 tunda kwantar kubik take ƙirgawa, ki raba shi da yawan kwanakin da suka wuce, sannan ki sake raba shi da yawan mutanen garin. Abin da ya fito shi ne litar da kowane mutum yake sha daga aikinki a rana. Idan takardar furojen ta yi alkawarin lita 20, kwantar kuwa ta ce 5, to mai binciken bai yi miki ƙarya ba, ke ma kuma ba ki yi ƙarya ba da kika ce kin gama aiki. Tambayoyi biyu ne daban, kowannenku ya amsa tasa.

Wa'adi da kasafi da ingancin gini ma'aunin mai gini ne. Suna faɗa mana ko an tafiyar da aikin da kyau. Amma wanda ya ba da kuɗin ba shato yake so ba, babu mai sha'awar tankin ƙarfe a kan ƙafafu huɗu don kansa. Abin da ya biya dominsa shi ne yara su daina zawo, ƴan mata su daina yini a bakin rijiya, gari ya samu ruwan da zai ɗore. A sana'armu muna raba abin hawa uku. Akwai abin da aka gina aka miƙa, wato fwaraj da shato da famfo. Akwai canjin da ya kamata ya biyo baya a halin mutane, wato su bar tafki da tsohuwar rijiya su koma famfo. Sai kuma amfanin, wanda ake iya aunawa: ciwo ya ragu da kaza, awa kaza ta dawo hannun mata. Hawa na farko kaɗai ke hannun mai furoje. Sauran biyun suna faruwa ne bayan an yanke ƙyalle, an ci shinkafa, motocinku sun koma Maraɗi. Aikin bin sawun amfani shi ne tabbatar da cewa akwai mai riƙe da waɗannan hawa biyun tun kafin a haƙa rami na farko.

Abin yana iya juyewa ma. Babban gidan wasannin nan na Sidni a Ostareliya an fara gina shi a 1959 da zaton za a gama a 1963 kan dalar ƙasar miliyan 7. Ba a buɗe shi ba sai 1973, bayan ya cinye miliyan 102. A ma'aunin mai gini wannan abin kunya ne. Amma yau da shi ake gane birnin, a 2007 kuma Unesko ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Ban kawo shi don in ce ɓarnar kuɗi ba komai ba ce. Na kawo shi don ki ga ma'aunan biyu ba sa tafiya tare dole.

Bari in ba ki labarin wanda na gani da idona, don ni ma an taɓa rubuta mini irin wannan rahoto, na kuma yi mako guda ba na amsa gaisuwar wanda ya rubuta. Zan dunƙule lissafin don ya yi sauƙin bi.

Ƙauye ne a arewacin jiha, mutum wajen 3,000. Takardarmu ta ce kowa zai samu lita 20 a rana, ke nan lita 60,000, ko kubik 60, tunda kubik ɗaya lita 1,000 ne. Tsarin farko yana da famfuna 6 da shato mai ɗaukar kubik 30, kuɗin duka kusan miliyan 80 na sefa. Da aka fara haƙa, ruwa bai fito a zurfin da aka zata ba, sai da aka ƙara nutsawa sosai, kin kuma san kowace mita da kuɗinta. Aka samu giɓin miliyan 6. Muka zauna a ofis, mu huɗu da ɗan kwangila, ana ta shan shayi, muka nemi inda za a datse. Aka ce a cire famfuna biyu na unguwar gabas, tunda su ne masu cin dogon bututu, a kuma rage shato zuwa kubik 20. Takarda shafi ɗaya, kowa ya sa hannu. Kasafi ya daidaita, wa'adi bai motsa ba, har yabo muka samu.

Abin da babu wanda ya tambaya a zaman nan shi ne mutum nawa ke unguwar gabas. Mutum 1,200 ne. Mun tsimi ƙasa da kashi 8 cikin 100 na kuɗi, mun zubar da kashi 40 na masu cin moriya, kuma babu layi ko ɗaya a rahotonmu na wata-wata da zai nuna haka, domin rahoton kuɗi da kwanaki kawai yake ƙirgawa. Mun ce ai za su taka su zo tsakiyar gari. Ba su zo ba. Suna da rijiyar siminti a bayan gidajensu, kyauta, famfo kuwa tafiyar kusan kilomita ce da bido a ka, a kuma biya. Wa zai zo?

Wannan shi ne abu na farko da nake so ki duba a naki aikin, musamman da kika ce kuɗi sun yi saura. Saura ba ta faɗowa daga sama. Wani lokaci gwanintar ciniki ce, madalla. Amma sau da yawa wani abu aka cire, kuma abin da ake cirewa shi ne wanda ba ya fitowa a hoto: bututun unguwa mai nisa, horar da mai gyara, zagayen wayar da kai, ko aunin halin da ake ciki kafin a fara aiki. Ki jawo duk takardun canjin da aka sa wa hannu a tsakiyar aiki, kowace ki tambaye ta: wane amfani ya tafi da ke?

Rage shaton ma ya yi nasa aikin, ta hanyar da ban taɓa zato ba. Famfon da ke aiki da hasken rana yana tura ruwa sosai ne daga hantsi zuwa la'asar. Mutane kuwa ɗibarsu ta asuba ce da ta yamma. Da yamma sai a kwashe abin da ke cikin ƙaramin shaton, ya kwana babu komai. Na kwana a garin sau ɗaya, na fito bayan sallar asuba na tarar da bido sun fi talatin a jere gaban famfon kusa da masallaci, an ɗora wa kowanne dutse ko tsumma don shaida, babu mutum ko ɗaya. Bido ne ke riƙe wa masu su layi. Wajen ƙarfe goma ruwa ya fara zuwa, sai ga ƴan mata suna fitowa. Matan aure da yawa ba sa zuwa famfo, ƴaƴansu suke aikowa, kuma ƙarfe goma lokacin lakkwal ne. A takardarmu mun rubuta cewa aikin zai ƙara zuwan ƴan mata makaranta. Daraktan lakkwal ya buɗe mini kayen kiran suna, ya nuna mini cewa tun da aka buɗe famfo wasu ke ɓacewa bayan hutun safe. Da can ɗibar rijiya kafin fitowar rana ake gamawa. Ka ji rijiya ta bayar, guga ya hana. Irin wannan muna kiransa cutarwar da aiki ya haifar, kuma ana rubuta ta a aune ta kamar yadda ake auna amfani. Lokacin hazo kuma ƙura kan lulluɓe pano, in babu wanda aka ɗora wa gogewa, ruwan ya ƙara jinkiri.

Da muka karanta kwantar bayan shekara, matsakaicin abin da ke fita kubik 15 ne a rana. Ki raba wa mutum 3,000, lita 5 ke nan. Kuma matsakaici yana ɓoye labari. Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, yakan haura 25, saboda rijiyoyi sun ja baya. A Agusta ya faɗo zuwa 4: tafki ya cika, hatsi ya ƙare a rumbu, kowane dala yana tafiya wajen tiyar gero. Wato a daidai lokacin da zawo ya fi kama yara, lokacin ne aka fi ƙaurace wa ruwa mai tsabta. Farashin ba wani mai tsanani ba ne a idon ɗan birni, bido biyu masu lita 25 a dala biyar, wanda ya kama 500 kowane kubik. Amma gida mai mutum 8 da zai sha lita 20 kowanne yana buƙatar lita 160 a rana, sefa 80 ke nan, 2,400 a wata. Bayan kaka ana iyawa. Tsakiyar damina ba a iyawa. Mu da muka tsara aikin mun ɗauka kuɗi na shiga aljihun manomi kowane wata kamar albashi.

Daga nan sai lissafin ɗorewa ya rushe. An tsara kubik 60 a 500, jika 30 a rana, 900,000 a wata, wanda zai biya ma'aikata har a riƙa ajiya don ranar da famfon ƙasa zai mutu. Abin da ke fita 15 ne, amma kuɗin da ke shiga kaye na kubik 11 ne kawai. Sauran huɗun sun tafi a yoyo, da bashin da ba a biya, da gidajen da ba a iya cewa su biya. Kubik 11 na kawo 165,000 a wata. Masu sayar da ruwa huɗu da mai gadi da mai kula suna cin 150,000, ƙananan gyare-gyare 25,000. Kowane wata ana bin aikin jika 10, ba a ma zo maganar ajiyar miliyoyin da sabon famfo zai ci ba. Ranar da na je ruwa na zuba, fenti bai ko dushe ba, duk wanda ya ɗauki hoto zai ce aiki ya yi kyau. Amma duk mai iya lissafi ya san ranar mutuwarsa tana tafe, ita ce ranar lalacewa babba ta farko.

To wa ke da alhakin wannan? A nan gizo ke saƙar. Ɗan kwangila an karɓi aikinsa karɓar wucin gadi, an riƙe masa kashi 5 cikin 100 na garanti, bayan shekara aka yi karɓar ƙarshe aka sake masa kuɗinsa, kuma daidai ne, domin gininsa bai tsage ba. Ni an rufe furojena, an tura ni wani. Mai ba da tallafi ya rufe littafinsa. Kowa ya fita da hannu mai tsabta, lita 20 kuwa ba ta da uba. A tsarin ƙasarmu komin ce mai kula da ruwan sha na karkara, takan damƙa gudanarwa ga ɗan kasuwa bisa yarjejeniya, ƙungiyar masu amfani da ruwa kuma ta sa ido. Amma mu sai ranar biki muka kira magajin gari, muka miƙa masa mabuɗi da kundin takardu. Mun ba shi ƙarfe da bututu, ba mu taɓa zama da shi mun ce ga lambar da muke so ka riƙe ba. Ƙa'idar da na koya daga nan ita ce mai furoje ba ya zama mai riƙe da amfanin. Mai riƙe da amfanin shi ne wanda zai kasance a wurin bayan shekara uku, mai ikon canza farashi, ko sallamar mai gudanarwa, ko sa kuɗi a kasafin komin. Kuma mutum ne mai muƙami, ba "al'umma" ba. Duk inda kika ga an rubuta al'umma ce za ta kula, ki karanta shi da cewa babu kowa.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wuya, shafi ɗaya ne. Kafin a fara aiki nakan zauna da wanda zai gaji abin, mu zaɓi amfani biyu ko uku, ba goma sha biyu ba. Kowanne mu rubuta da me za a auna shi, nawa yake yau, nawa ake so ya kai, a wane wata, wa zai karanta, wa za a tambaya idan bai kai ba. Misali: litar da mutum ke ɗiba a famfo, daga kwantar, yau sifili, ana son 12 a shekarar farko da 18 a ta uku, kada ta sauka ƙasa da 8 a Agusta, mai gudanarwa zai karanta ranar ɗaya ga wata, ya aika hoton kwantar ta waya, jami'in ruwa na komin ne mai amsawa. Ki lura ban sa 20 a shekarar farko ba. Mutane ba sa barin rijiyar kakanninsu rana ɗaya, kuma burin da aka kumbura don a burge mai ba da kuɗi shi ne ke dawowa ya zama bulalar mai bincike. Wannan shafin yana kan tebur duk ranar da za a datse wani abu. Da yana gabanmu ranar shayin nan, da wani ya ce dakata, unguwar gabas fa? Wataƙila da mun koma wurin mai tallafi mun roƙi ƙarin miliyan 6 da wata biyu, mu ɓata rahotonmu mu ceci aikin. Sannan nakan ware ɗan kuɗi, tun a kasafi, na komawa bayan wata 6 da 12 da 24, kuma dole ɗaya daga ciki ta faɗo cikin damina.

"Nawa yake yau" ɗin nan shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi kaɗai ne ba a iya ramawa. Idan ba ki auna minti nawa yarinya ke ɓatawa wajen ɗibar ruwa kafin aiki ba, ba ki da abin da za ki kwatanta da shi har abada, sai dai ki tambayi mutane su tuna, su kuwa za su faɗa miki abin da suke zaton kina son ji.

Yanzu in ɗan tsaya miki, domin masu bincike ma ba waliyyai ba ne. Ki karanta rahoton ki ga da me ya auna. Idan da yawan yaran da aka kai asibiti da zawo ya yanke hukunci, akwai magana. Wannan lamba tana hawa da sauka saboda dalilan da ba ruwansu da famfonki: ko akwai magani a asibitin a watannin nan, ko an canza likita, ko damina ta yi yawa. Kuma ruwa na iya fita tsaf daga famfo ya gurɓace a randa, ta hanyar moɗar da kowa ke tsomawa. Amfanin da ke can ƙarshen sarƙa kamar lafiya yana da iyaye da yawa, shekara guda kuma ta yi kaɗan. Shi ya sa nake fifita ma'aunin da ke kusa da aikin, wanda ba ya jayayya: kubik a kwantar, kwanakin da famfo ya yi a tsaye, kuɗin da ke asusun gyara. Ki duba kuma watan da ya je. Wanda ya je a Agusta zai ce an yi asara, wanda ya je a Afrilu zai ce an yi abin al'ajabi, dukansu kuma rabin gaskiya suka gani. Idan kuma ya auna ki da burin da babu shi a takardar farko, kina da haƙƙin rubuta amsa a liƙa a rahoton. Masu wannan aiki galibi suna bin ma'aunan da ƙasashe masu ba da tallafi suka shimfiɗa tun 1991, inda iya tattalin kuɗi da lokaci ma'auni ɗaya ne kawai, ga cimma buri, ga tasiri, ga ɗorewa, kowanne da makinsa. Mai yiwuwa ya ba ki cikakken maki a ɗaya ya hana ki a sauran, ki duba da kyau.

A namu ƙauyen abin bai mutu ba, ko da yake ba mu muka cece shi ba. Komin ta samo kuɗin bututun unguwar gabas bayan shekara biyu. Mai gudanarwa ya fara rufe famfuna da ƙarfe biyar na yamma don shato ya kwana da ruwan asuba, aka yi ta gunaguni mako biyu sannan aka saba. Aka ba masu dabbobi da masu buga bulo farashinsu daban, abin da ya cike giɓin kuɗi. Bai kai kubik 60 ba har na daina bibiya, amma ya wuce inda yake cin kansa.

Ke kuma shekara ɗaya kawai ta wuce, ba a makara ba. Ki nemi kayen mai gudanarwa ki kwafe lambar kwantar wata-wata, ki ajiye ta gefen kuɗin da aka tara a kowane wata. Ki zana garin a takarda, ki sa ɗigo inda famfuna suke da inda tsofaffin rijiyoyi suke. Ki kwana can dare ɗaya, ki fito da asuba ki ga ko akwai ruwa da kuma wa ke ɗiba. Sannan ki ɗauki waɗannan ki je wurin hukumar komin da jami'inta na ruwa. Idan kin samu lambobin watanni goma sha biyun, ki turo mini mu duba tare.